Kasafin kuɗin shekarar farko na sabon kamfani: tambayoyi da amsoshi ga mai neman masu zuba jari a Kaduna

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin masu shirin buɗe ƙaramin kamfani, idan lokacin zama da mai kuɗi ya ƙarato. Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe: ƙaramar masana'antar yogot da za a buɗe a Kakuri, tana kai kaya shagunan Barnawa, Kawo, Unguwar Rimi da Tudun Wada. Alƙaluman na misali ne, na zaɓe su ne don lissafin ya fito fili. Kai kuma sai ka shiga kasuwa da ƙafarka ka ɗauko farashin ranar da kake rubuta naka.

Me mai zuba jari yake nema a cikin kasafin?

Abu uku yake son ya gani kafin ya karanta sauran bayani. Nawa za a kashe kafin a sayar da kwalba ɗaya? Kuɗin da ya rage bayan nan, wata nawa zai riƙe kamfanin? A wane mataki ciniki zai fara biyan ɗawainiyar kamfanin da kansa? Idan amsoshin nan uku ba su fito a shafin farko ba, da wuya ya kai shafi na biyar. Sannan yana duba ko ukun sun yarda da juna, domin a nan ne ake gane wanda ya zauna ya yi lissafi da wanda ya cike gurbi kawai.

Me da me ke shiga kuɗin farawa?

Duk abin da za ka biya kafin ranar da aka fara ciniki. A misalinmu, injunan dafa madara, tankin haɗi da na'urar ɗura kwalba sun ci naira miliyan 5, firji miliyan 1.6, janareta miliyan 2.4. Kayan aiki ke nan na miliyan 9. Hayar shekara ɗaya miliyan 1.8 ce, da kuɗin dillali da na lauya ta zama miliyan 2. Gyaran wuri, wato tayil, raga a tagogi, magudanar ruwa da matatar ruwa, miliyan 1.5. An ware naira 500,000 don rajistar CAC, rajistar NAFDAC da gwajin samfur. Kayan farko, madarar gari, sukari, kwalabe da takardar liƙawa, miliyan 1.5.

Akwai layi ɗaya da kusan kowa ke mantawa da shi, shi ne kuɗin zaman jira. NAFDAC ba ta ba da lamba sai jami'anta sun zo sun duba wurin, an kuma gwada samfurin, kuma kafin nan ba ka da damar kai yogot ɗinka shaguna. A cikin wannan lokaci mai gadi yana karɓar albashi, wanda zai riƙe ɗakin haɗi yana koyon injin, ana ƙona dizal wajen gwaji, madara tana lalacewa a gwajin. Mun ɗauka jiran wata uku ne, mun ware masa miliyan 1.

Jimilla ta kama miliyan 15.5. A kan wannan aka ɗora miliyan 1.5 na abin da ba a zata ba, ya zama miliyan 17. Idan kuɗin da ake nema a hannun masu zuba jari miliyan 25 ne, ranar buɗewa za a wayi gari da miliyan 8 a asusu. Wannan miliyan 8 ɗin ita ce za mu yi ta bi a sauran tambayoyin.

Kuɗin ko-ta-kwana ba zai sa a ɗauka ban san lissafina ba?

A'a, rashinsa ne ke nuna haka. Wanda ya rubuta kasafi a farkon 2023 ya ga abin da ya biyo baya: an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, aka saki farashin dala a watan Yuni, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Duk mai kuɗin da ke zaune a ƙasar nan ya san wannan. Ka rubuta shi a layinsa daban da sunansa, kada ka ɓoye shi ta hanyar kumbura farashin injin. Idan ya tura yaronsa ya tambayo farashin ya ga bambanci, ba zai ƙara yarda da sauran layukan ba.

Yaya ake gano matakin da ba riba ba asara?

Da farko ka raba kashe-kashenka gida biyu. Akwai waɗanda ke tafiya da kowace kwalba, idan ba a yi kwalbar ba ba a kashe su ba. Akwai kuma waɗanda ke nan daram ko an sayar ko ba a sayar ba.

A misalinmu ana ba mai shago kwalba a kan naira 500. Madarar da ke cikinta ta ci 190, sukari da sauran haɗi 40, kwalba da murfi da takarda 70, gas da wutar dafawa 20, kai kaya 20, sai 10 da aka ware don wadda ta lalace ko aka dawo da ita. Jimilla 350. Saboda haka kowace kwalba tana barin naira 150. Wannan 150 ba riba ba ce tukuna, gudummawar kwalbar ce wajen biyan ɗawainiyar wata.

Ɗawainiyar watan kuma ga ta. Albashin mutum shida naira 620,000, wutar Kaduna Electric da dizal don firji 350,000, talla 100,000, gyare-gyare da ruwa da waya da cajin banki 130,000. Haya idan an raba ta wata goma sha biyu 150,000 ce. Sai tsufan injuna: kayan miliyan 9 da ake sa ran za su yi shekara biyar suna cinye 150,000 na darajarsu kowane wata. Duka ya kama miliyan 1.5.

Sai ka raba miliyan 1.5 da 150, ka sami kwalba 10,000 a wata. Idan ana aiki kwana 26, kusan kwalba 385 ke nan a rana, cinikin miliyan 5 a wata. Ƙasa da haka kamfanin yana cin jikinsa, sama da haka kowace kwalba tana kawo ribar 150.

Ina ba da shawara a rubuta adadin na rana ɗaya, don shi ne mutum zai iya aunawa da idonsa. Idan shago ɗaya yana sayar da kwalba goma a rana, kana bukatar shago kusan 39 masu firji mai aiki. Tambayar da Alhaji zai yi maka ke nan: shagunan nan kana da sunayensu, ko a takarda kawai suke?

Ni ne mai kamfanin, dole ne in sa wa kaina albashi?

Dole ne. A cikin 620,000 ɗin nan, 200,000 na mai kamfanin ne. Idan ka cire shi lissafin zai yi kyau a ido, matakin zai sauko zuwa kwalba 8,700 ko kusa da haka, amma kai da iyalinka ba za ku daina cin abinci ba. Abin da zai faru shi ne za ka riƙa zarar kuɗin cefane daga cinikin rana ba tare da an rubuta ba, kuma babu abin da ke ɓata tsakanin mai kamfani da mai jari kamar wannan. Ka kuma tuna harajin albashin ma'aikata da ake cirewa a miƙa wa KADIRS, hukumar tattara haraji ta jihar Kaduna, kuɗi ne da ba naka ba ko da yana kwana a asusunka.

Miliyan 8 ɗin da ta rage, wata nawa za ta kai mu?

A nan lissafin ya bar maganar riba ya koma maganar tsabar kuɗi. Daga cikin miliyan 1.5 na wata, haya an riga an biya ta, tsufan injuna kuma ba kuɗi ne da ke fita daga asusu ba. Abin da ke fita da gaske kowane wata miliyan 1.2 ne. Idan ba a sayar da komai ba, miliyan 8 za ta yi wata shida da 'yan makonni. Wannan shi ne mafi munin hali, kuma ya kamata mai jari ya gan shi a rubuce.

Amma za a yi ciniki. Mu ɗauka watan farko an sayar da kwalba 2,000, ana ƙara dubu ɗaya kowane wata har a kai 8,000 a wata na bakwai. A watan farko kwalaben sun bar 300,000, don haka asusu ya ragu da 900,000. Wata na biyu ya ragu da 750,000, na uku 600,000, haka giɓin ke ta raguwa har ya rufe a wata na bakwai. Idan ka tara giɓin watannin nan za ka sami miliyan 3.15.

Hanyar da aka saba ita ce a raba kuɗin da ke asusu da giɓin wata. Hanyar tana da amfani, sai dai tana ɗauka cewa kowane wata kamar ɗan'uwansa yake, kuma ba haka ba ne. Dubi abin da zai faru idan ciniki ya tsaya cik a kwalba 4,000 daga wata na uku. A ƙarshen watan akwai miliyan 4.75 a asusu, domin ban da giɓin wata uku akwai miliyan 1 da ke hannun masu shaguna, wato rabin cinikin watan da suka karɓa bashi. Raba ta da 600,000, sai ka ce akwai sauran kusan wata takwas. Amma a ƙarshen wata na tara saura miliyan 1.15, kuma a wata na goma mai gida zai zo karɓar miliyan 1.8. A nan tafiyar ta tsaya, ba a wata na goma sha ɗaya ba.

Me ya kawo haya a wata na goma, ba shekara aka biya ba?

Shekarar mai gida ta fara ƙirga ne daga ranar da ya miƙa maka makulli, ba daga ranar da ka fara ciniki ba. Wata uku sun tafi a gyara da jiran lamba, saura tara. Yawancin kasafin da ake rubutawa suna ajiye sabunta haya a shekara ta biyu, alhali tana faɗowa a cikin ta farko. Kuma babu tabbacin mai gidan zai bar ta a farashin bara.

Idan mun kai kwalba 10,000, shi ke nan mun tsira?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan kamfanoni masu kyakkyawan ciniki suke durƙushewa.

Masu manyan shaguna ba sa biya nan take. Ka kai kaya, su ce ka dawo ƙarshen wata. Mu ɗauka rabin cinikinka bashi ne na wata ɗaya. A wata na bakwai ciniki miliyan 4 ne, ke nan miliyan 2 tana waje. Kai kuwa ka riga ka biya madarar da kwalaben da suka yi wannan kaya, domin dillalin madara ba ya ba sabon kamfani bashi. Duk lokacin da ciniki ya ƙaru da kwalba dubu, kuɗin da ke waje yana ƙaruwa da 250,000. Wato girman kamfanin da kansa yana shan tsabar kuɗi.

Mu bi asusun. A ƙarshen wata na bakwai, miliyan 8 ban da giɓin miliyan 3.15 ban da bashin miliyan 2, saura miliyan 2.85. Wata na takwas ciniki ya tsaya a 8,000, asusu bai motsa ba. Wata na tara an sayar da 9,000, an sami rarar 150,000 amma bashin waje ya ƙaru da 250,000, saura miliyan 2.75. Wata na goma an kai kwalba 10,000. Rarar watan 300,000 ce, bashi ya ƙara cin 250,000, haya ta ɗauke miliyan 1.8. Abin da ya rage a asusu miliyan 1 ne cif.

Ka lura da kyau. Watan da takardar riba ta ce kamfanin ya daina asara, shi ne watan da asusu ya fi kowane lokaci bushewa, har abin da ke ciki bai kai ɗawainiyar wata ɗaya ba. Idan janareta ya lalace a wannan watan, ko babban shago ɗaya ya jinkirta biya da mako uku, albashi ba zai fita ba. Daga nan ne abin ke farfaɗowa a hankali: miliyan 1.2 a wata na goma sha ɗaya, miliyan 1.55 a ƙarshen shekara, lokacin da ake sayar da kwalba 12,000.

Shi ya sa nake ganin lambar da ta fi kowace muhimmanci a kasafin ita ce mafi ƙarancin abin da zai rage a asusu, da watan da hakan zai faru. Da ita ake gane ko kuɗin da ake nema ya isa. A misalinmu miliyan 25 ta isa da ƙyar. Da ni ne mai kamfanin, zan nemi miliyan 27, ko in daidaita da mai gida tun farko a kan biyan hayar shekara ta biyu kashi biyu, ko in rage yawan shagunan da ake ba bashi.

Yaya zan tsara wannan a kwamfuta?

Shafi ɗaya a Excel ko Google Sheets ya wadatar. Kowane wata ya sami ginshiƙinsa. Layi na 2 kuɗin da aka shiga watan da shi, layi na 3 kuɗin da ya shigo hannu, layi na 4 kuɗin da ya fita, layi na 5 abin da ya rage. Ragowar wata ita ce mabuɗin watan da ke biye.

```
B5: =B2+B3-B4
C2: =B5
=MIN(B5:M5)
```

Lissafin ƙarshe, mai ɗauke da MIN, shi ke nuna maka mafi ƙarancin ragowar shekara. A layi na 3 kada ka rubuta abin da aka sayar, ka rubuta abin da aka biya ka. Farashin kwalba da na madara kuma ka ajiye su a gurbi ɗaya da sauran lissafin ke ɗauka daga can, yadda idan mai jari ya ce a gwada wani farashi za ka canza lamba ɗaya a gabansa.

Idan farashin madara ya tashi fa?

Madarar gari daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta yana bin dala. Idan madarar kwalba ɗaya ta tashi daga 190 zuwa 240, abin da kwalba ke bari ya sauko daga 150 zuwa 100. Ƙarin naira 50 kacal, amma matakin ba riba ba asara ya tashi daga kwalba 10,000 zuwa 15,000.

Yanzu ka duba ƙarfin injinka. Idan iyakarsa kwalba 600 a rana, a wata 15,600 ne. Ke nan ko da injin bai huta rana ɗaya ba, kuma an sayar da duk abin da ya fitar, ribar watan 60,000 ce. A irin wannan hali ƙara ƙoƙarin talla ba zai fisshe ka ba. Ko dai farashi ya koma 550, ko a rage girman kwalba, ko a nemi madarar shanu daga makiyaya idan akwai hanyar kawo ta da sanyinta. Ka nuna wa mai jari wannan gwajin da kanka, tare da matakin da za ka ɗauka, kafin shi ya tambaya.

Hasashen cinikin da ke hawa kowane wata, za a yarda da shi?

Mai jarin da ya san kasuwa ba zai yarda da shi haka nan ba. Na jera shi a miƙe ne don lissafin ya yi sauƙin bi. A kasafinka na gaske ka sa sunayen watanni. Abin sha mai sanyi yana tafiya a zafin Maris da Afrilu da kuma lokacin azumi, yana ja baya idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu. Wanda ya buɗe a Fabrairu, watansa na goma sha ɗaya Disamba ne, kuma ba zai yiwu ya rubuta masa ciniki mafi yawa ba tare da hujja ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta shaguna: guda nawa suka amince za su karɓi kaya, kwalba nawa kowanne yake sayarwa na irin wannan kaya a yanzu, shago nawa mai kai kaya ɗaya zai iya zagayawa a rana.

Shekarar farko asara ce ke nan. In nuna haka a fili?

Ka nuna. A misalinmu an sayar da kwalba 85,000 a shekarar, sun bar miliyan 12.75, ɗawainiya kuma ta ci miliyan 18. Asarar aiki miliyan 5.25 ce, ban da abin da aka kashe kafin buɗewa. Mai jari ba ya tsoron asarar da aka gaya masa tun farko aka kuma nuna masa inda za ta tsaya.

Kada kuma ka haɗa masa daina asara da dawowar jarinsa, abu biyu ne daban. Idan a shekara ta biyu aka zauna a kan kwalba 13,000 a wata, riba 450,000 ce, wato miliyan 5.4 a shekara. A haka miliyan 25 ba za ta dawo ba sai bayan fiye da shekara huɗu, kuma wannan idan duk ribar shi ake ba. Wanda yake tsammanin kuɗinsa a wata goma sha takwas gara ya ji haka yanzu, tun kuɗin yana aljihunsa.

Da wane irin tsari ya kamata kuɗin ya shigo?

Tsarin yana canza kasafin kansa. Idan rance ne, biyan kowane wata zai shiga layin kuɗin da ke fita, kuma a misalinmu asusun da ya sauka zuwa miliyan 1 ba zai ɗauki wannan nauyi a shekarar farko ba. Idan hannun jari ne, rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta isa ba, sai kamfani mai hannayen jari, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ko mutum ɗaya damar buɗewa. Masu gudun kuɗin ruwa kan zaɓi mudaraba ko musharaka. A mudaraba ana raba riba bisa kason da aka amince, asarar kuɗi kuma tana kan mai jari matuƙar ba sakaci ko saɓa yarjejeniya aka yi ba. A musharaka kowa yana ɗaukar asara gwargwadon jarinsa. Duka biyun suna bukatar a rubuta tun farko yadda za a lissafa riba, musamman ko albashin mai kamfani da tsufan injuna za a cire kafin rabo.

Mai jarin ya ce zai bayar da kuɗin kashi-kashi. In yarda?

Za ka iya yarda, muddin kashin ya bi kasafin. Miliyan 17 ta farawa ba ta rabuwa sosai, domin rabin masana'anta ba ya fitar da yogot. Miliyan 8 ta riƙon kamfani ita ce za a iya rabawa: miliyan 5 ranar da lambar NAFDAC ta fito, miliyan 3 a ƙarshen wata na uku idan an kai adadin kwalaben da aka yi alkawari. Kada kashi na biyu ya wuce nan, domin a lissafinmu ƙarshen wata na uku zai sami asusun da miliyan 1.75 kacal daga cikin miliyan 5 ɗin, wata na huɗu kuma zai ci 700,000. A rubuta ranar da sharaɗin a cikin yarjejeniya, tare da abin da za a yi idan ciniki ya gaza kaɗan, misali kwalba 3,500 maimakon 4,000. Kai kuma kowane ƙarshen wata ka tura masa shafi ɗaya mai ɗauke da kwalaben da aka sayar, kuɗin da ke waje, ragowar asusu, da sabon lissafin watan da asusun zai fi yin ƙasa.